An sa wa Hajiya ƙarfe a ƙugu: ta taka ƙafar ko ta kwanta?

*Likita, mahaifiyata mai shekara 78 ta zame a bakin banɗaki ta karye a ƙugun dama. An yi mata aiki ranar 4 ga Maris aka sa ƙarfe, aka sallame mu ranar 10. Takardar sallama ta ce ta taka ƙafar gwargwadon iyawarta, ta kiyaye ƙugun sati shida, a ci gaba da allura, mu dawo. Baffannina kuwa sun ce karaya sai an yi arba'in a kwance. Muna unguwar Zariya a Maraɗi, kuma masai gare mu. Wanne za mu bi?*

Malam, sannu da jinya, Allah ya ba Hajiya lafiya. Takardar za ku bi, ta taka. Baffanninka ba su yi ƙarya ba a kan karayar da suka sani, irin wadda maɗori ke ɗaurewa da karare a jira ƙashi ya kama. Amma a jikin Hajiya yanzu babu ƙashin da ake jira ya kama, domin ɓangaren da ya karye an cire shi gaba ɗaya.

Ƙashin cinya yana ƙarewa da wani dunƙulallen kai wanda ke juyawa cikin gurbinsa a ƙugu, kamar taɓarya cikin turmi. Tsakanin kan nan da doguwar gaɓar ƙashin akwai ɗan siririn wuya, kuma a nan tsofaffi suka fi karyewa. Jijiyoyin jinin da ke ciyar da kan ta jikin wuyan suke bi. Idan wuyan ya karye har ƙashi ya goce, jijiyoyin sun tsinke ke nan, kuma ko an ɗaure da kusoshi sau da yawa ba ya kamawa, ko ya kama daga baya kan ya mutu ya lotse. Shi ya sa ga mai shekarun Hajiya muke cire kan mu sa na ƙarfe, mai doguwar jela da ke shiga cikin ramin ɓargon cinya. Gurbin ƙugun ba a taɓa shi, nata ne na asali, don haka ake ce wa aikin canjin rabi. Aiki ne da ake yi tun shekarun 1950, kuma dalilin yinsa ma shi ne kada tsoho ya daɗe a kwance.

Kafin komai, ɗauko takardar ka duba abu biyu. Na ɗaya, an sa siminti ko ba a sa ba. Simintin ƙashi yana daskarewa cikin kamar minti goma zuwa sha biyar, tun mara lafiya na ɗakin aiki, saboda haka ƙarfen ya zauna daram tun ranar farko. Wanda ba a sa wa siminti ba shi ma galibi ana barinsa ya taka, sai fa idan ƙashin ya yi laushi ƙwarai ko ya ɗan tsage wajen shigar da ƙarfen, kuma da haka ta faru da likitan ya rubuta a rage takawa. Na biyu, ta ina aka shiga: ta baya wajen ɗuwawu, ko ta gefe. Wannan ne ke nuna irin motsin da za ta kiyaye. Idan takardar ta yi shiru a kan waɗannan biyu, koma sashen da aka kwantar da ita a duba littafin ɗakin aiki a rubuta maka. Haƙƙinku ne, kuma ranar da wata matsala ta taso da dare, likitan da za ku tarar abin da zai fara tambaya ke nan.

«Gwargwadon iyawarta» ba ya nufin ta riƙa ɗosana yatsu a ƙasa tana ɗingishi. Yana nufin ta sauke tafin ƙafar duka, ta ɗora nauyinta, zafi ne kaɗai zai zama mata iyaka. Mun daina ce wa tsofaffi su ɗora rabin nauyi ko kashi ɗaya cikin uku, domin ba sa iya aunawa, kuma hannuwansu ba su da ƙarfin ɗauke sauran. Abin da ke faruwa idan aka faɗa musu haka shi ne tsoro ya kama su su ƙi tashi sam. Zafin da ake jurewa shi ne tsamin nama a wajen yanka, wanda ke lafawa idan ta zauna ta huta kuma yana raguwa sati bayan sati. Zafin da ba a jurewa shi ne sabo, mai suka, wanda ya hana ta taka ƙafar da jiya ta taka.

A satin farko a gida ba tafiya mai nisa ake nema ba, yawan tashi ake nema. Ta tashi sau huɗu ko biyar a yini, daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa bakin ƙofa, da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, mutum ɗaya a tsaye ta gefen ƙafar da aka yi wa aiki, ɗan baya kaɗan. Tsarin shi ne ƙarfen ya fara gaba, ƙafar dama ta bi, sannan ta hagu. Kada a ja ta da hannuwa, kada a ciccibe ta ta hammata. Da safe ta fara zama a bakin gado minti biyu tukuna, domin mai shan maganin hawan jini da ya zubar da jini wajen aiki jiri na ɗibarsa idan ya miƙe farat ɗaya. Idan za ta haye dokin ƙofa, lafiyayyar ƙafa ce ke fara hawa, mai ciwon kuma ita ke fara sauka. In ta kai ga sanda, galibi wajen sati huɗu zuwa shida, a hannun hagu za ta riƙe, wato kishiyar ƙafar aikin. Kusan kowa a hannun da ke gefen ciwon yake kamawa sai an gyara masa.

Arba'in a kwance kuwa, ga abin da take haifarwa. Naman cinyar tsoho yana zubewa cikin kwana goma har ido ya gani, kuma maido shi sai an yi watanni. Majina tana taruwa a ƙasan huhu ta zama ciwon huhu. Fatar tsatso da ta dugadugai tana mutuwa ta zama gyambo, balle a zafin Maris da Afrilu na Maraɗi, ga gumi ga katifa mai leda. Jini kuma yana daskarewa a jijiyoyin ƙafa. A iya abin da na gani, tsofaffin da muke rasawa bayan wannan aiki ba ƙarfen ne ke kashe su ba, waɗannan ne. Idan baffanninka suna so su taimaka, a ba su aikin riƙe ta wajen tafiyar la'asar. Da idonsu ya ga ta taka ba ta faɗi ba, gardamar za ta mutu.

Kiyaye ƙugu shi ne inda takardun sallama suka fi yin rowar bayani. Sai a rubuta layi ɗaya, alhali a nan ne rayuwar gida ke karo da aikin. Wajen shiga an yanka jakar da ke riƙe kan ƙashi cikin gurbi, an ɗinke, kuma tana buƙatar kamar sati shida ta warke. Kafin nan kan ƙarfen yana iya ficewa ta inda aka yanka. Idan ta baya aka shiga, motsi uku ne ke fitar da shi: lanƙwasa ƙugu har gwiwa ta ɗara ƙugu tsawo, ɗora ƙafa kan ƙafa, da murɗa ƙafar ta kalli ciki. Mafi haɗari shi ne su haɗu lokaci guda, kamar ta zauna a ƙasa-ƙasa ta sunkuya ta gefen waje don ɗauko buta. Idan ta gefe aka shiga, gocewar ta fi wuya, kuma asibitoci da yawa yanzu sun sassauta waɗannan dokoki. Ni ma ban cika son jibga wa tsoho dokokin da za su hana shi motsi ba. Sai dai waɗanda suka sassauta, marasa lafiyarsu a kan kujera suke zama, a kan gado mai tsawo suke kwana, banɗakinsu na zama ne. A gidan da ake tsuguno da zaman tabarma, ban ga dalilin sassautawa ba.

Masai shi ne na farko. Tsuguno yana naɗe ƙugu fiye da duk wani zama, don haka babu shi. Ka kai wa mai walda awo ya ƙera kujerar ƙarfe mai rami a tsakiya da madafa biyu a gefe, wadda za a ɗora kan bakin masan da rana, da dare kuma a shigo da ita ɗaki a sa bokiti ƙarƙashi. Awon shi ne Hajiya ta tsaya, ka auna daga ƙasa zuwa lanƙwasar bayan gwiwarta, ka ƙara yatsa uku ko huɗu. Ga yawancin mata yana kamawa wajen santimita 45 zuwa 50. Kujerar roba da aka huda tana yi na ɗan lokaci, amma ƙafafunta na buɗewa a kan jiƙaƙƙen daɓe, sai an yi hattara. Awon nan shi ne na gado da na kujerar zama. Idan katifarta a ƙasa take, a samo gado, in ya yi gajere a sa bulo ƙarƙashin ƙafafunsa. Tabarma, kujera ƴar tsuguno, zama gaban murhu, shara da gajeriyar tsintsiya, duk a ɗage mata su. Barci kuma rigingine, da matashi tsakanin gwiwoyi. Idan za a juya ta, a juya ta kan lafiyayyen gefen, matashin na nan a tsakani don kada ƙafar sama ta faɗo ta ƙetare.

Sai salla, wadda kusan ba na ganin an rubuta ta a takarda, alhali ita ce abin da tsohuwa za ta fara karya doka a kansa. Sujada da zaman tahiya duk suna naɗe ƙugu, zaman tahiya har da murɗawa. Ta yi salla a kan kujera mai tsawon da na faɗa, ta yi nuni da kai da ɗan rusunawa kaɗan, ba ta kifa ƙirji kan cinya ba. Malamai ba su da saɓani cewa wanda bai iya tsayuwa ko sujada ba ya yi yadda ya iya. In ba ta yarda da maganarka ba, ka kawo limamin unguwa ya faɗa mata da bakinsa. Wajen alwala, wata ta zuba mata ruwa ta wanke mata ƙafa, kada ta sunkuya da kanta. Haka sa takalmi. Jikoki ma a hana su faɗa mata a cinya.

Bayan sati shida, in likitan ya ga hoto ya gamsu, ana sakin yawancin dokokin nan a hankali. Amma tsuguno har ƙasa da zaman tabarma ni nakan ce a jira aƙalla wata uku, kuma ga mai shekara 78 kujerar masan nan gara ta zama ta dindindin.

Allurar da aka rubuta kusan tabbas enoksafarin ce, mai hana jini daskarewa, miligiram 40 sau ɗaya a rana, a ƙarƙashin fatar ciki, lokaci ɗaya kullum, ana sauya gefe. Ba a murza wurin bayan an yi. Ana lissafin kwana 28 zuwa 35 daga ranar aiki, ba daga ranar sallama ba. Ga Hajiya, kwana 35 ya faɗa 8 ga Afrilu. Allurar tana da tsada, kuma abin da iyalai ke yi shi ne su sayi ta sati ɗaya, su ga ƙafa ba ta kumbura ba, su bari shiru. Haɗarin gudan jini kuwa yana nan har makonni bayan aiki. Idan kuɗin ya gagara, ka koma ka faɗa wa likitan ƙarara, akwai ƙwayoyin sha da zai iya musanya ta da su bayan ya duba halinta. Ka kuma duba ko an rubuta sakamakon gwajin ƙoda. Ta ƙoda maganin ke fita, in ta yi rauni yana taruwa ya jawo zubar jini, sai an rage adadi. A wannan zafi ta riƙa shan ruwa sosai. Tsofaffi sukan ƙi sha don gudun wahalar tashi fitsari, wanda shi ma dalili ne na ajiye kujerar nan kusa da gado.

Maganin zafi farasitamol ne, giram ɗaya sau uku a rana, a kan lokaci, ba sai zafi ya taso ba, kuma a daidaita shansa da rabin awa kafin tafiya. In nauyinta bai kai kilo 50 ba sai an rage. Dikilofenak da ibufurofen, waɗanda masu zuwa dubiya za su sayo a tebur don tausayi, a mayar musu da abinsu. Suna cin ƙoda, suna ƙwarzane ciki, haɗe da allurar nan kuwa suna iya jawo zubar jini. Taramadol in an rubuta, kaɗan ne kuma na ƴan kwanaki, domin yana ruɗa tsoho ya kuma cushe masa ciki. Baƙin bayan gida alama ce ta jini, sai dai ƙwayar ƙarin jini ma tana baƙanta shi. Bambancin shi ne na jini yana da danƙo da mugun wari, kuma yakan zo da kasala da ɗashewar ido.

Da ni na sallame ta, maimakon «ku dawo» ga yadda zan rubuta ƙarshen takardar, da Faransanci don ma'aikata sannan in karanta wa iyali da Hausa. Wankin ciwo duk bayan kwana biyu zuwa uku a gidan likita mafi kusa, ko ma'aikacin jinya ya zo gida, kada ruwa ya taɓa wurin. Cire zare ranar 18 ga Maris, kwana 14 ke nan, in ciwon ya bushe. Allura har 8 ga Afrilu. Ganin likitan ƙashi da sabon hoto ranar 15 ga Afrilu, cikar sati shida, a zo da tsohon hoton da aka ɗauka bayan aiki don a gwada. Sannan farkon Yuni, wata uku, sannan cikar shekara. Sai jerin magungunanta na hawan jini, wanda aka ci gaba da shi da wanda aka dakatar da dalili, da yawan jininta ranar sallama, da sunan mai gashin ƙashin da zai riƙa ganinta, da lambar da za a kira. Ka gwada taka takardar da wannan, duk abin da babu ka sa a cike da biro. Ranar zuwa kuma a mota, kujerar gaba a tura ta baya a ɗan kwantar, a sa matashi ya ɗaga ta. Ta zauna da baya tukuna sannan a shigar da ƙafafun tare. Babu kabu-kabu, adaidaita ma kujerarta ta yi ƙasa ga jijjiga.

Akwai abubuwan da ba sa jiran ranar da aka rubuta. Idan ta ji ƙara ko wani zafi farat ɗaya, ƙafar ta gajarce ta juya ciki, ta kasa takawa, ƙarfen ya goce. Kada kowa ya ja, kada a kira maɗori. A kwantar da ita yadda take, a hana ta ci da sha don za a sa ta barci wajen mayarwa, a kai ta asibitin da aka yi aikin a ranar. Jan ƙafar tsohuwa mai laushin ƙashi yana iya karya cinyar a gefen ƙarfen, kuma wannan aiki ne da ya fi na farko girma. Idan sha-raɓar ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi tauri da zafi, gudan jini ake zato, kuma a nan ne gashi da ruwan zafi da tausa suka fi haɗari, domin suna iya ɓallo shi. Ɗan kumburin ƙafa da yamma wanda ke saɓewa da safe ba komai ba ne. Haki kwatsam ko ciwon ƙirji kuwa, ko da tsakar dare ne a tafi.

Ciwon da ke ci gaba da tsattsafo ruwa bayan sati guda, ko ya yi ja, ko zafinsa ya dawo bayan ya lafa, likitan da ya yi aikin ne zai gani, ba mai kemis ba. Kada a fara ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta a gida. Yana rufe alamun ba tare da ya kai ga ƙarfen ba, ya kuma ɓata gwajin da za a yi. A makonnin farko ana iya buɗewa a wanke a ceci ƙarfen, in aka yi jinkiri sai an cire shi. Zazzaɓi a nan kowa cizon sauro yake ɗora wa laifi. A yi gwajin, amma a buɗe ciwon a duba ko da gwajin ya nuna akwai. Kuma ka sani tsoho yana iya ɗauke da cuta jikinsa bai yi zafi ba. Alamar sai ta zama ruɗewa: barci da rana, sambatu da dare, kiran waɗanda suka rasu, ƙin abinci. Ba iska ba ce, ba kuma tsufa ne ya faɗo rana ɗaya ba. A duba fitsarinta, huhunta, yawan jininta, kwana nawa ba ta yi bayan gida ba, da magungunan da take sha.

Ranar 15 ga Afrilu ka tayar da wata magana ko da likitan bai tayar ba. Wanda ya karye a ƙugu daga faɗuwar tsaye, ba mota ce ta buge shi ba, ƙashinsa ya riga ya zama holoƙo, kuma ɗayan ƙugun irinsa ne. Ka tambayi batun kalsiyam da bitamin D, da maganin ƙarfafa ƙashi irin alenduronat, miligiram 70 sau ɗaya a sati, wanda ake sha da sassafe ciki babu komai, da kofin ruwa cike, a zauna a miƙe rabin awa ba a kwanta ba. Shi ma sai ƙoda na da lafiya ake ba da shi. Kafin ranar, a ƙara mata nono, wake, ƙwai da kifi, domin kunu da shayi kaɗai ba sa gina naman cinya. A kai ta a duba idonta ko akwai yana, a sa fitila tsakanin gadonta da ƙofa, kuma daɓen bakin banɗakin da ta zame a kai a sa magini ya sassaƙe shi ya yi kaushi kafin ta fara zuwa can da ƙafarta.